Yadda Ake Tantance Takardun Buɗe Asusun Kasuwanci Kafin a Kai Su Banki

Duk bankin da ka shiga a Garwa, Marwa ko Ngaundere a Kamaru ka ce kana son buɗe wa kasuwancinka asusu, takarda ɗaya za a miƙo maka mai ɗauke da jerin abubuwan da ake so. Yawanci a samanta an rubuta "Pièces à fournir". Abin da nake yawan gani shi ne mutum ya koma gida, ya bi jerin layi layi, duk wadda ya gani a jaka ya sa mata alama, ya kai dosiye yana ganin ya gama. Bayan kwanaki a kira shi a ce ya zo ya ɗauki kayansa. Da wuya dalilin ya zama babu takarda kwata-kwata. Akwai ta, amma ta mutu, ko kuma abin da ke cikinta ya saɓa da na 'yar'uwarta.

Kafin ka taɓa jakarka, ka tabbatar jerin da ke hannunka naka ne. Banki ba jeri ɗaya gare shi ba. Na mai shago da ke kasuwanci da sunansa, wanda ake rubuta wa "Ets", daban yake da na kamfani irin SARL, na ƙungiyar manoma irin GIC shi ma daban. Ka ce wa ma'aikacin, "Malam, kamfanina SARL ne, mu biyu ne masu hannun jari, wannan ne jerinmu?" Ka kuma tambaye shi abu biyu da ba a cika rubutawa ba: waɗanne takardu ne ake son kwafinsu da hatimin hukuma, kuma wata nawa suke yarda takarda ta yi. Ka rubuta amsarsa a jikin jerin da biro, a gabansa.

Akwai kuma matsalar tsufan jerin shi kansa. Wasu rassan suna ta kwafar takarda ɗaya shekara da shekaru, sai ka ga sunayen da hukuma ta riga ta canza. In ka ga "carte de contribuable", abin da ake bayarwa yanzu shi ne "attestation d'immatriculation", mai ɗauke da lambar harajinka ta NIU, kuma a shafin hukumar haraji na intanet ake fitar da ita. In ka ga "attestation de non-redevance", wato takardar shaidar biyan haraji, tun 2024 ta koma "attestation de conformité fiscale". Kada ka ɓata kwanaki kana neman takardar da aka daina bugawa. Wanda ke Cadi, lambar harajinsa NIF ce, amma dokar kamfanoni ta OHADA ɗaya ce a ƙasashen biyu, don haka abin da zan faɗa kan rajista da shugabancin kamfani ya shafe shi.

Yanzu ka ɗauki farar takarda ka ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa: sunan takarda, ranar da aka ba da ita, ranar da za ta mutu, sai sunan mutum da adireshin da ke jikinta harafi da harafi. Da hannu nake so a yi wannan, ba a waya ba, domin sai kana kwafar suna da hannunka kake lura cewa nan an rubuta Ousmanou, can Ousmane. Duk layin jerin banki da ba ka iya cike masa gurbi ba, wannan ita ce takardar da ta ɓace. Ba a nan wahalar take ba.

Wahalar tana gurbi na uku. Takardun nan iri uku ne wajen mutuwa. Akwai masu ranar mutuwa a rubuce: katin shaidar ɗan ƙasa, fasfo, da katin zama na baƙo. Akwai waɗanda ba a rubuta ba, sai dai ka ƙirga daga ranar bayarwa. Takardar shaidar biyan haraji wata 3 take yi, kuma in an ɗaga maka biyan wani bashin haraji, wata 1 ne kacal. Takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, "bulletin n°3", ita ma wata 3. Takardar kuɗin wuta ko ruwa da ake shaidar adireshi da ita, yawancin bankuna ba sa karɓar wadda ta wuce wata 3, haka ma kwafin da aka buga wa hatimi. Iri na uku su ne waɗanda ba su da wa'adi ko kaɗan, amma suna mutuwa ranar da gaskiyar da ke cikinsu ta canza. Rajistar kasuwanci ta RCCM da kundin dokokin kamfani suna cikin wannan.

Kuma ba da ranar da ka miƙa dosiye za ka yi lissafi ba. Ma'aikacin reshe yana karɓa ne kawai. Sashen da ke tantance abokan hulɗa, wanda dokokin COBAC, hukumar da ke sa ido kan bankunan yankin Afirka ta Tsakiya, kan hana halasta kuɗin haram suka ɗora wa wannan aiki, sau da yawa yana hedkwata a Duwala ko Yawunde. Ni doka ta ita ce: duk takardar da ba ta da sauran wata guda cur a ranar miƙawa, na ɗauke ta matacciya.

Mu ɗauki misali. A ce wa da ƙani ne a Garwa, suna da SARL na sayar da hatsi da albasa, sun kafa shi shekara 5 da suka wuce, wan ne shugaba. Sun samu mai saye da ba ya biya sai ta banki, suna son miƙa dosiye ranar 20 ga Maris. Suka cike teburinsu. Takardar haraji an fitar da ita 5 ga Janairu, ke nan za ta mutu farkon Afrilu. A ido tana da rai, amma kwana goma sha wani abu ya rage mata, don haka a fito da sabuwa. Takardar wuta ta Nuwamba ce, ta wuce. Bayan haka sunan mai gidan da suke haya ne a jikinta, ba na kamfani ba, sai an haɗa da yarjejeniyar haya da zanen da ke nuna inda shagon yake. Katin wan yana da sauran shekaru. Na ƙanin ya ƙare, hannunsa sai rasit na neman sabo. Wannan tambaya ce ta kai tsaye ga banki, domin wani yana karɓar rasit mai rai, wani ba ya karɓa. In shi ma zai riƙa sa hannu a cek, gara ya bi sawun sabon katin tun yau.

Duk waɗannan ƙananan ciwo ne. Babban yana cikin kundin dokokin kamfanin, kuma nan ne kusan kowa ke faɗawa, saboda ba wanda ke buɗe shi tun ranar da aka karɓo. Ka nemi sashen da ya yi maganar shugaba, wato "gérant", ka karanta tsawon wa'adinsa. In an rubuta cewa ba shi da iyaka, ka huta. In an rubuta shekaru, ka ƙirga. In kuwa ba a ce komai ba, dokar OHADA ta ce shekara 4 ne, ana iya sabuntawa. A misalinmu kundin bai ce komai ba, kamfani kuma ya shekara 5. Ma'ana, a takarda, wa'adin wan ya ƙare tun bara, ko da yake kullum shi ke buɗe shago. Banki kuwa takarda yake bi, yana son ya ga wanda zai sa hannu yana da ikon ɗaure kamfani. Maganin shi ne masu hannun jari su zauna su sabunta naɗin, a rubuta takardar zaman, wadda jerin banki ke kira "procès-verbal", kowa ya sa hannu. A cikin wannan zama ɗin a rubuta wanda aka ba ikon buɗe asusun da waɗanda za su riƙa sa hannu, da kuma ko mutum ɗaya ya isa ko sai biyu tare. Kada a bar wannan sai an je gaban ma'aikacin banki a fara gardama tsakanin wa da ƙani.

Daga nan ka jera RCCM, takardar NIU, kundin dokoki da katunan shaida a kan tabarma ɗaya, ka bi gurbi na huɗu. 'Yan'uwan nan sun tashi daga wata unguwa sun koma kusa da babbar kasuwa shekara biyu baya, amma RCCM tana nan da tsohon adireshi. Doka ta ce duk canjin da ya shafi abin da ke cikin rajista a kai shi ofishin magatakardan kotu cikin kwana 30. Ba su kai ba, ke nan zanen wurinsu zai ce gabas, rajista ta ce yamma. Dole a yi gyara a rajistar, kuma wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci da kuɗi a dukan dosiyen. Haka za ka duba sana'ar da aka rubuta. In rajista ta ce hatsi, kai kuma ka gaya wa banki siminti kake shigowa da shi daga waje, za a tambaye ka. Ka duba masu hannun jari: in wani ya sayar da rabonsa ko ya rasu, kundin da ke hannunka ya daina faɗin gaskiya, kuma banki zai nemi sanin ainihin masu kamfanin da katin kowannensu.

Sunaye kuwa, mu a nan mun san halin da muke ciki. Mai rubuta takardar haihuwa ya rubuta yadda kunnensa ya ji, mai rajista ya rubuta nasa. Aboubakar ya zama Boubakari, ranar haihuwa a wata takardar cikakkiya, a wata kuma shekara kawai. A wajen banki katin shaida shi ne ma'auni, takardun kamfani su ake gyarawa su bi shi. Kada ka yarda wani ɗan kamasho ya ce zai goge maka harafi a kwafi. Za a kwatanta da na asali, kuma daga ranar ba maganar takarda ake yi ba, maganar amana ce.

Abin da ya rage shi ne tsarin nema, kuma mutane suna yin sa a juye. Suna fara da mai sauƙi, su karɓo takardar kotu da ta haraji, su buga hatimi a kwafi, sannan su tsaya jiran gyaran rajista har na farkon su mutu a jaka. Kowane tambarin kuɗi na takarda sefa 1,500 ne, in ka maimaita kwafi shida ka san abin da ka zubar. Ka fara da mai daɗewa: sabon katin shaida, zaman masu hannun jari, gyaran RCCM, sai gyaran bayanan haraji su dace da ita. Sai waɗannan sun shigo hannu za ka nemi masu wa'adin wata 3, duka a mako ɗaya. Ka tuna takardar haraji ba ta fita in akwai sanarwar da ba ka yi ba ko bashin da ba ka biya ba, saboda haka ka sa akawunka ya leƙa shafin tun da wuri ko da ba za a buga ta yanzu ba.

Hotuna, cike fom, kuɗin ajiyar farko da samfurin sa hannu, waɗannan aikin safiya ɗaya ne. Ka jera takardun bisa tsarin jerin bankin, ka tafi da na asali a jaka daban don a kwatanta a mayar maka, kada ka bar su a can. Ka riƙe kwafin dukan dosiyen, ka sa wanda ya karɓa ya buga maka hatimi da kwanan wata a jikin naka jerin, ka kuma tambaye shi ranar da za ka dawo jin amsa.