Yadda ake cire ɗari-ɗari daga sashen tattaunawa na takardar bincike ba tare da zuzuta sakamako ba

Ga irin jimlar da nake yawan cin karo da ita idan an ba ni takardar bincike in duba: "Wataƙila sakamakon nan na iya nuna alamar cewa mai yiwuwa akwai 'yar alaƙa tsakanin ƙarancin barci da hauhawar jini." Kalmomin kame-kame biyar ne a jimla guda: wataƙila, na iya, alamar, mai yiwuwa, da 'yar. Mai karatu zai kai aya bai san ko an gano wani abu ba. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa aikin da ke bayan irin wannan jimla mai kyau ne, tsoron masu tantance takarda ne kawai ya sa marubucin ya noƙe.

Amma gogewa gaba ɗaya ba magani ba ce. In ka share duka biyar ɗin, za ka iya ƙarewa da "ƙarancin barci yana jawo hauhawar jini", wanda shi kuma ya fi ƙarfin abin da ka auna. Ƙa'idar da nake bi guda ce: kowace kalmar shakka sai ta faɗi abin da take shakka a kai. Wadda ta iya faɗa, a bar ta sau ɗaya a wurin da ya dace. Wadda ta kasa, a cire ta.

Bari mu ɗauki misali guda na ƙirƙira mu bi shi har ƙarshe. A ce ka bibiyi manya 600 tsawon shekara 2. Ba ka ba kowa magani ba, ba ka kuma sa wa kowa lokacin kwanciya ba, lura kawai ka yi. Kowa ya faɗa maka da bakinsa awa nawa yake barci. Ka tarar masu barcin ƙasa da awa 6, lambar sama ta awon jininsu ta ɗara ta masu barcin awa 7 zuwa 8 da 4 mmHg, bayan ka daidaita lissafi da shekaru, jinsi da nauyin jiki. Tazarar amincewa ta kashi 95 cikin ɗari, wato iyakokin da lissafinka ya nuna bambancin ya dace da su, ta tashi daga 1 zuwa 7.

Mataki na farko: ja layi, kada ka goge tukuna

Buga sashen a takarda, ko ka yi amfani da Ctrl+F, ka yi wa kowace kalmar shakka alama: wataƙila, mai yiwuwa, da alama, kamar dai, a iya cewa, zuwa wani mataki. In da Turanci kake rubutu, ka san takwarorinsu. Duk jimlar da ka ga alama biyu ko fiye, nan ne aikin yake.

Mataki na biyu: raba jimlolin gida uku

A gefen kowace jimla rubuta ko abin da ka auna ne, ko fassarar da ka yi masa, ko hasashe. Yawancin ɓarnar daga nan take farawa, domin mutane suna yi wa ukun nan shafa iri ɗaya.

Abin da ka auna ba ya buƙatar wataƙila ko kaɗan. Bambancin 4 mmHg yana cikin jadawalinka, ka gan shi da idonka. Don haka "da alama awon jininsu ya ɗan fi yawa" sai ya koma "awon jininsu ya fi da 4 mmHg". Ka rubuta shi a matsayin abin da ya riga ya faru ga mutanen da ka bibiya. Hakan kaɗai ya sa masa iyaka, ba sai ka ƙara wani togaciya ba.

Fassara ita ce inda kake cewa ga abin da adadin yake nufi. Nan shakka tana da gurbi, amma guda ɗaya tak. Hasashe kuma shi ne, misali, ka ce ƙarancin barci yana ɗaga sinadaran damuwa a jiki, alhali ba ka ɗebi jinin kowa ka auna su ba. Wannan ka kira shi da sunansa: "Ba mu auna waɗannan sinadarai ba, don haka wannan bayanin hasashe ne." Da ka faɗi haka a farkon sakin layin, ka huta da yayyafa wataƙila a kowane layi.

Mataki na uku: tambayi kowace kalma, shakkar me?

Nan zan fi daɗewa, domin shi ne zuciyar aikin. Ɗauki kalmomin da ka ja wa layi ɗaya bayan ɗaya, ka tilasta wa kanka amsa. A misalinmu, amsoshin gaskiya uku ne za su fito, kuma kowacce tana da abin da ya fi wataƙila amfani.

Ta farko, shakka kan girman bambancin. Maganinta adadi ne. Maimakon "'yar alaƙa", ka ce bambancin 4 ne, kuma bayanan sun dace da ƙarami kamar 1 ko babba kamar 7. Yanzu likitan da ke karantawa zai iya yanke wa kansa hukunci: in 1 ne, da wuya ya canza komai a wurin majinyaci guda, in 7 ne, abin dubawa ne. Kalmar "ɗan" ba za ta taɓa ba shi wannan ba.

Ta biyu, shakka kan dalili. Ba ka raba mutanen nan ta hanyar ƙuri'a ba, don haka wani abu na uku zai iya haɗa ƙarancin barcin da hawan jinin. Aikin dare misali ne, haka nan ciwon ɗaukewar numfashi a cikin barci, wanda an san yana tafiya tare da hawan jini. Ka ambace su da suna, ka kuma faɗi ko ka auna su ko ba ka auna ba. "Akwai yiwuwar wasu dalilai" jimla ce da za ta shiga kowace takarda a duniya, shi ya sa ba ta faɗin komai game da taka.

Ta uku, shakka kan awon kansa. Mutane ne suka faɗi tsawon barcinsu, ba na'ura ta auna ba. Kada ka tsaya a cewa wannan rauni ne, ka faɗi ɓangaren da kake ganin zai karkata sakamakon. Idan kuskuren tunawa ya watsu ne ba tare da la'akari da awon jinin mutum ba, galibi yakan dusashe bambanci tsakanin rukuni biyu. Idan kuwa masu fama da rashin lafiya ne suka fi rage adadin barcinsu wajen ba da amsa, zai iya kumbura shi. Mai tantancewa da ya ga ka yi wannan tunanin zai fi yarda da kai fiye da wanda ya tara wataƙila goma.

Sauran kalmomin da ka tambaya suka yi shiru, na tsoro ne ko na ladabi. Share su.

Ga yadda jimlarmu ta koma: "A cikin waɗannan manya 600, masu barcin ƙasa da awa 6 sun fi takwarorinsu yawan awon jini na sama da 4 mmHg, tazarar amincewa 1 zuwa 7. Da yake bincike ne na lura, kuma ba mu auna aikin dare ko ɗaukewar numfashi a barci ba, ba za mu iya cewa ƙarancin barcin ne ya jawo bambancin ba." Babu wataƙila ko ɗaya, amma duk taka-tsantsan ɗin yana nan, ya ma fi na da kaifi.

Mataki na huɗu: tsare aikatau

Da zarar hannu ya saba da gogewa, sai zuzutawa ta lallaɓo ta cikin aikatau. "Yana jawo", "yana ragewa", "yana karewa", "tasirin kaza a kan kaza", duk iƙirarin dalili ne ko da ba ka yi niyya ba. A binciken lura, tsaya kan "yana tafiya tare da" ko "an samu alaƙa". Wanda ya yi gwajin da aka raba mutane da ƙuri'a, aka kuma gudanar da shi yadda ya kamata, shi yana da damar cewa "maganin ya rage", kuma kuskure ne ya noƙe ya ce alaƙa kawai ya gani. Tsarin binciken ne yake ba ka aikatau, ba ƙarfin zuciyarka ba.

Kula da suna ma. Jimla takan fara da "mutanen da muka bibiya" ta ƙare da "manya" baki ɗaya. In duk mutanenka tsakanin shekara 40 da 60 suke, kada matashi ko tsoho ya shiga jimlar ta ƙofar baya.

Mataki na biyar: sakamakon da bai fito fili ba

A ce a wannan binciken ka kuma duba waɗanda likita ya tabbatar sun kamu da ciwon hawan jini, ka samu haɗarin masu ƙarancin barci ya ninka na sauran sau 1.3, tazarar kuma 0.8 zuwa 2.1. Tarko biyu ne a nan. Mai son ƙarfafa rubutu zai ce "ƙarancin barci ba shi da alaƙa da kamuwa da ciwon". Wannan zuzutawa ce, domin tazarar ta kai har ninki biyu. Mai son sakamakon ya fito kuma zai ce "an ga alamar ƙaruwa da ta kusa tabbata", alhali tazarar ta haɗa da 1, wato babu bambanci, har ma da raguwa. Abin da ya dace shi ne: "Bayananmu ba su isa su raba gardama ba, sun dace da 'yar raguwar haɗari, sun kuma dace da ninkuwarsa." Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta yi wannan gargaɗin a sanarwarta ta 2016, cewa kada a rataya hukuncin kimiyya a kan ko p, adadin da gwajin ƙididdiga ke fitarwa, ya tsallake wata iyaka kaɗai, irin su p ƙasa da 0.05, kuma p ba ya faɗin girman abu ko muhimmancinsa.

Haka in bayan ka ga bayanan ne ka rarraba su, ka tarar alaƙar ta fi ƙarfi ga mata. Wannan shakkar kada ka taɓa ta. Faɗi ƙarara cewa ba ka tsara wannan rabon tun farko ba, kuma yana buƙatar wani binciken ya tabbatar da shi.

Mataki na shida: kalma ɗaya, ma'ana ɗaya, sannan ka gwada da jadawali

'Yan kalmomin shakkar da suka tsira, ka ba kowacce matsayi tsayayye. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya yi haka a rahotanninsa: kalmar da yake amfani da ita don "mai yiwuwa" tana nufin kashi 66 zuwa sama, "mai yiwuwa ƙwarai" kashi 90 zuwa sama. Ba sai ka sa wa naka adadi ba, amma kada "yana nuna" ya zama hujja mai ƙarfi a shafi na 8 ya koma zato a shafi na 9.

Daga nan ɗora sashen kusa da jadawalan sakamako. Kowace jimlar da yanzu ta tsaya da ƙafafunta, sa yatsa a kan adadin da ya goyi bayanta. Wadda ka rasa inda za ka sa yatsa, ka goge fiye da kima, mayar mata da iyakarta. Sannan ka koma kan taƙaitawar farkon takarda da kanun aikin. Nan ne "alaƙa" ta fi rikiɗewa ta zama "tasiri" saboda ƙarancin wuri, kuma nan ne yawancin masu karatu za su tsaya. In tattaunawarka ta ce ba za a iya ɗora laifin a kan barci ba, to kanun ma ya ce "alaƙa tsakanin gajeren barci da awon jini a cikin manya 600".