Yadda ake goge shadda da miƙe ɗankwali a hoto da Photoshop ba tare da an ɓata zanen yadi ba

Duk bayan Sallah sai yaran da ke koyon aiki a shagonmu na Samaru sun kawo min hoton da suka mayar da shaddar mutum kamar leda. Tamojin ya tafi, amma zanen da ke cikin saƙar da ƙyallin bugu sun bi shi. Wanda ya kashe kuɗinsa a kan gezna ba zai karɓi wannan ba.

Fara da abin da ya karkace, guga daga baya. Danna Ctrl+J, ka buɗe Liquify. Kafin ka taɓa komai, ɗauki Freeze Mask ka shafe fuska, wuya da ɗankunne. Sannan ka ɗauki Forward Warp, burushin ya fi wurin da za ka tura girma, ka rage Pressure, ka riƙa tura wuyan rigar ko gefen ɗankwalin kaɗan-kaɗan. Ƙaramin burushi ne ke sa baki ya yi gargada. Ka riƙa duban baya: in ƙofa ko labule ya lanƙwashe, ka zarce. Ɗaurin da aka karkata da gangan kuwa ado ne, tambayi mai hoton kafin ka miƙe mata shi.

Sai gugar, inda ni ma na daɗe ina ɓarna. Kwafi hoton sau biyu, na ƙasa ka sa masa suna Low, na sama High; Low zai riƙe launi da inuwa, High kuma zanen saƙar. Kashe idon High, ka sa wa Low Gaussian Blur. Yara kan sa 3 ko 4 kamar na fata, alhali a nan zanen shaddar bai gama narkewa ba, da ka shafa sai ya damalmale. Ƙara Radius har furannin saƙar su ɓace, ya rage inuwar tamoji kawai. A hoton wani ango da ya zo da shuɗiyar babbar riga daga Tudun Wada a kan babur, sai da na kai 14.

Kunna idon High, a kansa ka shiga Apply Image. In hoton 8-bit ne:

```
Layer: Low
Blending: Subtract
Scale: 2
Offset: 128
```

Sai ka mayar da Blending Mode na High zuwa Linear Light. In hoton ya koma yadda yake da farko, ka yi daidai.

Koma Low da Mixer Brush, Wet wajen 20, ka cire Sample All Layers. Shafa ka bi yadda yadin ya zubo daga kafaɗa, kada ka ratsa shi. Ni ba na taɓa manyan ninkin hannun riga da karin guga, su ne ke nuna akwai mutum a ciki. Siririn layin da ya ƙi tafiya yana kan High, Clone Stamp zai ɗauke shi, Sample a kan Current Layer. Aikin wuyan riga kuma kewaye shi kawai, zare ba ya jure shafa.