Yadda na rage hudubar Malam ba tare da muryarsa ta ɓace ba

Hudubar Juma'a ce ta wani masallaci a nan Tawa, minti 40, aka ce in mayar da ita shafi biyu. Da farko na share duk maimaici, na cire "jama'a, kuna ji ko?", na gyara kalmominsa zuwa Hausar littafi. Da na karanta wa ƙanensa sai ya ce, "Yaya, ma'anar tana nan, amma wannan ba Malam ba ne."

Sai na koma kan kaset ɗin. Malam yakan faɗi magana sau uku, a ta ukun ya sassauta murya, nan gargaɗin yake. Ni kuwa na bar ta farko kawai, sai ta zama kamar sanarwa. Na dawo da ukun a wuri biyu da suka fi nauyi. "Shina" da "hwaɗi" na Adaranci na mayar yadda ya furta su, don da su ake gane shi.

Ragin kuma na yi shi da sakin layi sukutum, labarin kasuwa da ya kauce da sanarwar ɗaurin aure, ban ƙara taɓa cikin jimla ba. Ayoyi da hadisai suna nan cif. Na sake karanta wa ƙanen nasa da babbar murya, ya yi dariya tun a layi na uku.