Kafin ki yi murna da yawan mabiya, duba wannan

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'a. Ina sayar da atamfa da leshi a nan Tahoua, kuma na taɓa faɗawa wannan tarkon, shi ya sa na ce bari in faɗa muku.

Watan azumi na biya wani yaro ya tallata shafina na Facebook. Mabiya suka tashi daga 800 zuwa 3,000 cikin sati biyu, har na fara jin kaina. Amma ciniki yana nan inda yake. Da na buɗe Meta Business Suite, manhajar kula da shafin kasuwanci na Facebook, na shiga Insights, na duba Audience inda ake nuna garuruwan mabiya, sai na ga Tahoua da Yamai can ƙasa. Yawancinsu mutanen wasu ƙasashe ne masu nisa, waɗanda ko Hausa ba sa ji. Wa zai sayi turmin atamfa daga can?

Yanzu lissafina daban ne. Kowane hoto na saka, ina duba mutum nawa ya kai wa, sannan in ƙirga nawa suka turo saƙo suna tambayar kuɗi, nawa kuma suka biya. Wannan na ƙarshen Facebook ba ta san shi ba, a littafi nake rubutawa. Wani bidiyo ya kai wa mutum 5,000, saƙo biyu kacal. Hoton leshi da na rubuta kuɗinsa a jiki ya kai wa 400, saƙo tara, huɗu suka saya.

Sai dai kar ki yanke hukunci da hoto ɗaya, balle gab da salla da kowa ke saye. Ki tara na wata guda, ki gwada shi da watan da ya wuce.