Yadda za ki taimaki mabiyiya ta ciyar da ɗan da ke cikinki

'Yar'uwa, ɗan da ke cikinki ba ya ci da baki, ba ya kuma numfashi da huhu. Mabiyiya ce ke manne a bangon mahaifa tana tsamo abinci da iska daga jininki, ba tare da jininki ya gauraya da nasa ba. Igiyar cibiya kuma, mai tsawon kusan santimita 50, jijiyoyi uku ne a cikinta: ɗaya na kai masa jini mai abinci, biyu na dawo da dattinsa jikinki ya fitar. Ga abin da ya rage gare ki.

Da farko ki tsare ta daga zazzaɓin cizon sauro. Ƙwayoyin cutar na taruwa a mabiyiya suna rage abin da ke isa ga jariri, sau da yawa kuma uwar ba ta jin ko ciwon kai. Sai a haife shi ɗan ƙarami, a rasa dalili. Saboda haka ne ake ba da Fansida a wurin awo ko kina lafiya ƙalau: ƙwaya uku a tashi ɗaya, daga mako na 13, da tazarar aƙalla wata guda, sau uku ko fiye kafin haihuwa. Idan kina shan Seftirin kullum, ki faɗa wa ma'aikaciyar, domin ba a haɗa su. Ki kuma riƙa kwana cikin gidan sauro.

Sai maganin ƙarin jini. Ki sha kullum, don jinin ne ke ɗauko iskar da mabiyiya za ta miƙa.

Na uku, allurar rigakafin tatanas. Garkuwar da jikinki ya haɗa tana ratsa mabiyiya ta shiga jikin jariri, musamman a watanni ukun ƙarshe, ta kare shi daga ciwon nan mai sandarar da jiki da ke shiga ta cibiya. Idan ba ki taɓa yi ba, sau biyu ce, mako huɗu tsakani, ta biyun aƙalla mako biyu kafin haihuwa.

Kada ki ɗauka mabiyiya na tace komai. Gubar taba, tiramadol da kodin duk suna wucewa, haka ma magunguna da yawa na kanti da na gargajiya. Ki tambaya kafin ki sha.

Ki riƙa lura da awon cikinki da ake yi da tef. Daga mako na 24, tsayin ciki a santimita kan yi kusan daidai da yawan makonninsa. Idan kina mako 30 aka sami 26, ki nemi a yi hoton ciki, wataƙila abinci ba ya isar jariri. Zubar jini kuwa, ko raguwar motsin jariri, ba a jira da su gari ya waye. Asibiti kai tsaye.

Ranar haihuwa, idan jariri ya fito yana numfashi, ki roƙi ungozoma ta jira minti ɗaya zuwa uku kafin ta ɗaure cibiya ta yanke. Jinin da ya rage a mabiyiya nasa ne, yana kuma kare shi daga ƙarancin jini a watanninsa na farko.