In kwastoma ta ce a cire lambarta, kada a tsaya a waya

'Yan uwa masu sayar da kaya, wata kwastomata ta ce in cire lambarta, na goge. Da na sauya waya sai ga lambar ta dawo daga Google Contacts, har na tura mata tallan atamfa. Na ji kunya matuƙa.

In hakan ta taso, ku fara da cire lambar daga jerin Broadcast na WhatsApp, sannan daga Google Contacts, ku shiga Trash ku ƙarasa ta, don abin da aka goge yana kwana 30 a can. Hirarku ta WhatsApp kuwa, bayan gogewa ku danna Back up nan take domin sabuwar ajiya ta maye gurbin tsohuwar. Rasit ku riƙe saboda lissafi, amma ku sanar da kwastomar.