Darasi na Bakwai: Sitabilaiza da Maganin Tsawa, Wanne Firiji ke So, Wanne Talabijin ke So?

Wutar lantarkin da ake ba gidaje a Kamaru da Cadi ƙarfinta bolt 220 ne. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin wuta, kuma a jikin kaya za ku ga an rubuta shi haka: 220V. Amma duk wanda ke zaune a Garwa ko Marwa ko Kusiri ya san wutar ba ta tsayawa a nan. Bayan magariba, lokacin da kowane gida ya kunna fitilu da fanka, sai ka ga ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyawa kamar ba ta so. A watannin Maris da Afirilu abin ya fi tsanani, domin zafi ya sa kowa na jan wuta, ga shi kuma ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, inda arewacin Kamaru ke samun wuta mai yawa.

Ciwon wuta iri uku ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai raguwar wuta, wadda kan ɗauki awoyi. Akwai hauhawar wuta, inda za ta zarce bolt 250 ta zauna a can. Sai kuma bugun wuta na farat ɗaya, wanda bai kai ƙiftawar ido ba amma ya kai dubban bolt, irin wanda tsawa ke jawowa. Sitabilaiza, wanda masu shaguna a nan suka fi kira regilater, aikinsa ɗaga wuta in ta ragu da sauke ta in ta ɗan hau. Maganin tsawa, wato parafudur, bugun farat ɗaya kawai yake tarewa. Mutane da yawa suna sayen ɗaya alhali ciwon gidansu na ɗayan ne.

Abin da ke kashe firiji

A bayan firiji, daga ƙasa, akwai wata baƙar tukunyar ƙarfe. Ita ce kwamfireso, injin da ke tura iskar gas don a samu sanyi. In yana cikin aiki ba ya cin wuta sosai, amma a daƙiƙar da zai tashi yana jan ninki uku zuwa shida na abin da yake ci. Idan wuta ta yi ƙasa, sai ya kasa tashi. Ku kasa kunne: za ku ji yana gurnani na ɗan lokaci, sai ku ji “ƙyas”, ya yi shiru. Bayan 'yan mintoci ya sake gurnani, ya sake yin “ƙyas”. Wannan ƙarar ta wani ɗan makunni ce da ke yanke wuta in injin ya ɗau zafi. Duk gurnanin nan wayar tagulla da ke cikin injin tana dahuwa ne. In kun ji haka, ku cire firijin daga soket nan take, kada ku ce bari a ga abin da zai yi.

Abu na biyu da ke kashe shi shi ne wuta ta ɗauke ta dawo cikin 'yan daƙiƙoƙi. A lokacin gas ɗin yana matse a gefe ɗaya, injin kuma ba shi da ƙarfin tashi a kan wannan matsi. Yana buƙatar hutun minti uku zuwa biyar kafin gas ya daidaita. Saboda haka ne ake sa wa sitabilaiza wani maɓalli mai rubutun DELAY, ma'anarsa jinkiri. A mafi yawansu zaɓi biyu ne: 'yan daƙiƙoƙi, ko kimanin minti uku. Firiji dogon yake so, kullum. Abin takaici ne a ga mutum ya kashe kuɗinsa ya sayi sitabilaiza mai kyau, sannan ya bar maɓallin a kan gajeren jinkiri don ya gaji da jira. Ya zubar da rabin amfanin abin da ya saya.

Kafin ku saya, ku auna

Ku nemi mai gyaran wuta ya auna soket ɗin da firiji yake, da safe, da rana, da kuma bayan magariba, kwana biyu ko uku. In maƙwabci yana da sitabilaiza mai allo, lambar da ke ƙarƙashin INPUT ita ce wutar da ke shigowa, ta ƙarƙashin OUTPUT kuma wadda ke fita zuwa kaya. Idan wutarku tana yawo tsakanin 200 da 240, ba ku da buƙatar sitabilaiza. Abin da ya dace da ku shi ne ɗan ƙaramin akwatin nan da ake sokawa a soket, mai gadin firiji, wanda ke yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama, ya kuma jira mintoci kafin ya mayar. Ya fi araha, ba ya kuma ɗaukar zafi. Idan kuwa kowane dare tana sauka 170 ko 160, nan ne sitabilaiza ke biyan kuɗinsa. In ta faɗi ƙasa da 140, yawancinsu sun gaza, sai dai a kashe firiji a bar ƙofarsa a rufe. Yakan riƙe sanyi kamar awa huɗu in ba a buɗe ba, a lokacin bazara bai kai haka ba.

Lissafin girma

Mu ɗauki gidan da ake sayar da ruwan sanyi da zoɓo a Marwa. Firiji ɗaya ne, wuta kuma da dare tana sauka 160. A bayan firijin ko a cikinsa akwai takarda a manne, an rubuta 220V da 1.2A. Harafin A yana nufin amfiya, yawan wutar da yake ja. A ninka su: 220 sau 1.2 ya ba da 264. Wannan lamba ita ce VA, ma'aunin da ake rubutawa a goshin sitabilaiza. To amma mun ce wajen tashi yana jan aƙalla ninki uku, sai a ninka 264 sau uku, ya zama 792. Ke nan mai 500VA ya yi kaɗan, duk da cewa 500 ta fi 264. Mai 1000VA ne mafi ƙanƙantar da za a duba.

Akwai sauran magana. Lambar da ke goshin akwatin ƙarfinsa ne lokacin da wuta take daidai. Duk sa'ad da wutar shigowa ta ragu, abin da zai iya ɗauka ma raguwa yake, har ya kusa rabi in ta kai wajen 140. Don haka wannan gida na Marwa 1500VA ya kamata su saya. Kuma na firijin ne shi kaɗai. Dutsen guga ko butar dafa ruwa ta lantarki, ɗayansu kaɗai yana cin wat 1000 zuwa 2000, wat kuwa ma'aunin cin wuta ne irin VA. Ranar da aka soka shi a nan, fis ya ƙone in an yi sa'a, in ba a yi ba kuma taransifomar ciki ce za ta tafi.

Inda sitabilaiza ke cutarwa

Sitabilaiza ba ya ƙirƙirar wuta. Abin da ya ƙara a bolt, a amfiya yake karɓo shi daga waya. Firijin nan da ke jan 1.2A a kan 220, in wuta ta koma 140 sitabilaiza zai jawo masa kusan 1.9A daga bango. In wayar gidan siririya ce, ko an jawo ta daga nesa da ɗaure-ɗaure, sai ta ɗau zafi, wutar ta ƙara raguwa, shi kuma ya ƙara ja. Ku riƙa taɓa fulogi da bayan hannu. In ya yi zafi, ko robarsa ta fara baƙi, ko kun ji ƙauri, ku kashe ku kira mai gyara. A bango kai tsaye ake soka shi, ba a kan doguwar wayar jawo wuta mai baki da yawa ba. Wani lokaci ma ƙarancin wutar daga sako-sakon haɗi ne a cikin gidan, wanda ɗaure ƙusa ɗaya zai gyara.

Shi kansa akwatin yana fitar da zafi. Kada a rufe shi da ƙyalle don gudun ƙurar hunturu, kada a cusa shi bayan firiji inda zafi ke fita. A ɗora shi kan katako ko bulo, nesa da labule da ruwan da ke ɗiga, a riƙa share ƙofofin iskarsa.

Talabijin fa?

Ku juya bayan talabijin ɗinku ku karanta. Yawancin masu faɗin nan na zamani an rubuta musu 100-240V. Ma'ana, ko wuta ta sauka 160 zai yi aikinsa lafiya, domin yana da mai daidaitawa a cikinsa. Irin wannan ba ya buƙatar sitabilaiza, wani lokaci ma cutar da shi yake. Ga yadda abin ke faruwa: wuta tana 150, sitabilaiza yana ninka ta kusan sau ɗaya da rabi don ta kai 220. Kwatsam sai ta dawo 220. Kafin makunnan cikinsa su juya, waɗanda kuke jin suna “ƙas-ƙas”, na ɗan lokaci zai tura wa talabijin fiye da bolt 300. Tsohon sitabilaiza da makunninsa ke maƙalewa yakan bar shi a haka har allon wutar talabijin ya ƙone. In takardar ta ce 220-240V kaɗai, kamar tsofaffin masu ƙusumbi, shi kam yana son sitabilaiza.

Abin da talabijin ya fi so shi ne maganin tsawa. A cikinsa akwai wani ɗan faifai kamar kwabo, sunansa barista, wanda ke shanye bugun wuta. Kowane bugu yana cinye wani abu daga ransa, har wata rana ya mutu, soket ɗin kuma ya ci gaba da ba da wuta kamar babu abin da ya faru. Shi ya sa masu kyau suke da wata 'yar fitila ta musamman ta kariya. In ta mutu, a sauya. Kuma ba kowace waya mai baki da yawa da jan maɓalli ce maganin tsawa ba. Ku duba ko an rubuta Parafoudre ko Surge a jikinta. Don ya yi cikakken aiki yana buƙatar wayar ƙasa, waya ta uku da ke zuwa ga sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa, gidaje da yawa kuma ba su da ita.

Iyakar maganin tsawa biyu ce. Idan wayar nitiral, wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a kan layi, wuta a wasu gidaje na iya haurawa har kusa da 380 ta zauna. Alamarta fitilu su yi haske fiye da kima, wasu su fashe. Barista ba a yi shi don wannan ba, ƙonewa zai yi, yana iya ma tayar da gobara. A kashe babban makunnin gida nan da nan. Mai gadin da ke yanke wuta in ta hau shi ne ke tare wannan, kuma akwai irinsa na talabijin. Na biyu, tsawar da ta faɗi kusa ta fi ƙarfin kowane maganin tsawa na soket, kuma sau da yawa ta wayar eriya ko ta kwanon tauraron ɗan'adam take biyowa, ta shiga dikoda, ta wuce talabijin. Da damina, da zarar hadari ya haɗo tun kafin a fara walƙiya, a cire fulogi daga bango, a kuma kwance wayar kwanon daga bayan dikoda.

Aikin gida: kowa ya kwafo lambobin V da A da ke jikin firijinsa ko na maƙwabci, da na bayan talabijin, a kawo aji mu yi lissafin VA tare.